GANUWAR KANO: YADDA AKE KARANTA SHEKARUN GINI A JIKIN BANGO

A cikin shekarar 1824 wani Bature matafiyi mai suna Kyaftin Clapperton ya sauka birnin Kano. Da ya ƙidaya ƙofofin ganuwa sai ya sami 15, har ya rubuta cewa ɗaya daga cikinsu ba a daɗe da toshe ta ba. Bayan shekara 79, watau cikin 1903, lokacin da sojan Ingila suka ci birnin, rahoton Gwamna Lugga ya ce ƙofofi 13 ne. Shi kuwa littafin Tarihin Kano cewa ya yi ganuwar farko ƙofa 8 gare ta. To, a cikin ukun nan wa ya yi kuskure?

Mai yiwuwa ne babu ko ɗaya. Kowannensu abin da ke tsaye a zamanin da yake magana a kai ya faɗa. Ganuwa ba a yi ta rana ɗaya ba, kuma ba ta zauna yadda aka yi ta ba. An faɗaɗa ta, an ƙara mata tsawo, an huda ta, an toshe ta, damina ta ci wani gefe an sāke ɗorawa. Haka kuma kowane tsohon gini yake, ko fadar sarki ce ko zauren dagaci a ƙauye. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan yakan bar tabo a jikin bango, kuma wanda ya san abin dubawa yana iya jera tabban nan bi da bi, ya ce wannan ya riga wancan, ko da babu takarda, babu kuma dattijon da ya ga an yi.

Abin Da Tarihi Ya Faɗa

Kafin a je ga bango, ya kamata a ji abin da aka rubuta. Tarihin Kano, wanda aka tsara da Larabci wajen ƙarshen ƙarni na 19, Palmer kuma ya juya shi da Turanci cikin 1908, ya ambaci manyan ayyuka uku. Na farko shi ne na Sarki Gijimasu, wanda aka ƙiyasta sarautarsa daga 1095 zuwa 1134. Shi ya fara ganuwar, ta bi ta Ƙofar Mazugal, da Ƙofar Adama, da Waika, da Kansakali, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Na biyu shi ne na Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya faɗaɗa birnin ta wajen Ƙofar Mata, sa'an nan ya ja ganuwa daga Ƙofar Na'isa zuwa Kansakali. Na uku an yi shi zamanin Muhammadu Nazaki, 1618 zuwa 1623, sa'ad da Wambai Giwa ya tsaya aka yi sabuwar ganuwa ta Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga, har ta je ta haɗe a Kansakali. Shekarun nan lissafi ne da aka yi daga tsawon sarautar kowane sarki, musamman na farkon, saboda haka ƙiyasi ne.

Mai karatu zai lura da suna ɗaya da ya fito sau uku: Kansakali. Ma'anar wannan ita ce, in dai labarin daidai ne, a wajen ƙofar nan aikin zamani uku ya haɗu, tsakanin na farko da na ƙarshe kuwa akwai kimanin shekara 500. Irin wurin nan shi mai binciken gini ke fara nema, domin a mahaɗa ne bango ke iya gaskata littafi ko ya ƙaryata shi. A ƙarshen shekarun 1960 wani malami Bature mai suna Moody ya bi ganuwar da ƙofofinta, ya rubuta littafi a kansu, cikin 1983 kuma Dokta Bawuro Barkindo ya sāke bin tarihin ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Amma karatun jikin bango kansa aiki ne da har yanzu ba a ƙare ba, shafukan kuwa kullum raguwa suke yi.

Sahun Tubali Da Ɓawon Yaɓe

Ba a iya gane gyara sai an san yadda aikin asali yake. Maginin Hausa yakan haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Daga nan a murza tubali da hannu, gindi faɗi, kai tsini, a shanya. Wajen gini ana jera tubalin ne tsininsa na duban sama, a ɗauko kwaɓaɓɓiyar ƙasa a maka a kai har ta cike tsakani, sa'an nan a jera wani sahun. Gindin bango ya fi kansa kauri, domin ana rage yawan tubalin da ke sahu yayin da ake hawa. Kuma ba a ɗora da yawa a rana ɗaya, sai a dakata na ƙasa ya sha iska.

Wannan dakatawa takan bar layi a kwance a jikin bango, nan ne kuwa sabon shiga ke fara ruɗewa. Ba kowane layi ne ke nuna sabon zamani ba. Layin tashi daga aiki siriri ne, ƙasar da ke samansa da wadda ke ƙarƙashinsa launinsu ɗaya, girman tubali ɗaya, ciyawar kwaɓi iri ɗaya, kuma yakan maimaita kansa a kusan tazara ɗaya har sama. Layin sabon zamani dabam yake. Saman tsohon bango ya sha ruwan damina shekara da shekaru, saboda haka ya zaizaye, ya yi tudu da kwari, ƙasa mai laushi ta wanke ta bar tsakuwa a fili, wani lokaci har da baƙin gansakuka ko saiwar ciyawar da ta tsiro a kai. Abin da aka ɗora daga baya yakan bi wannan tudu da kwari, sau da yawa kuma launinsa ya saɓa, domin daga wani kududdufi aka ɗebo ƙasarsa. In an ga layi irin wannan, to, bango ya taɓa ƙarewa a nan, ya zauna haka har wani lokaci.

Yaɓe kuma nasa karatun dabam. Inda gefen bango ya ɓantare, ana iya ganin yaɓe a jere kamar ɓawon albasa. Na can ciki shi ne tsoho, na waje shi ne sabo, wannan ba ya canzawa. Ana iya samun na jar ƙasa zalla, a bisansa makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, mai duhu da ƙyalli, a bisanta laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, daga can waje kuma siminti. Amma fa kada a ce ɓawo goma shekara goma ne. Mai hali yana yaɓe kowace kaka, maras hali sai ya shekara biyar bai taɓa ba, wani kuma yakan kankare tsohon kafin ya sa sabo. Yaɓe yana faɗin wanda ya riga wani, ba ya faɗin yawan shekarun da ke tsakani.

Wa Ya Jingina Da Wa

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne ƙarfin shaida, shi ne mahaɗar bango biyu. In an gina su tare, magini yakan zagaya kusurwa da sahunsa, tubalin wannan ya shiga cikin wancan, su sarƙe, ba a ganin inda ɗaya ya ƙare. In kuwa ɗaya ya zo daga baya, sai ya iske ɗan'uwansa ya riga ya bushe, ba shi da yadda zai yi sai ya jingina da shi. Tsakaninsu sai a ga layi a tsaye daga ƙasa har sama. Ƙa'idar ba ta da wuya: wanda ya jingina shi ne ƙane, wanda aka jingina da shi shi ne wa.

Yaya za a san wanda ya jingina? Hanya biyu ce. Ta farko, tsohon bango yana da kwanciya, watau gindinsa ya fi kansa fitowa, saboda haka ƙarshen sabon bangon yakan ɗauki siffar wannan kwanciyar, kamar yadda tuwo ke ɗaukar siffar mara. Ta biyu ita ce yaɓe. In aka leƙa cikin tsagar aka ga yaɓen bango ɗaya ya zarce ta bayan ɗayan bai yanke ba, magana ta ƙare, domin ba mai iya yaɓe wurin da wani bango ya riga ya rufe.

Da wannan ƙa'ida za a auna zancen Kansakali. In ganuwar Wambai Giwa ƙari ce, kamata ya yi inda ta iso tsohuwar ganuwa a same ta a jingine da fuskar waje ta tsohuwar, tsohon yaɓe yana bayanta. Har ila yau kamata ya yi tsohon layin da aka bari a cikin gari ya bar alamarsa ko da ya rushe, watau doguwar tudun ƙasa da jerin kududdufai a gefenta, domin ramin da aka haƙa aka yi ganuwa yakan daɗe fiye da ganuwar. Ga wanda ya duba taswirar birnin, lanƙwasar da ba ta da dalili a layin ganuwa ita ma abin tuhuma ce: sau da yawa nan ne sabon aiki ya rabu da tsoho.

Ƙofar Da Ta Zama Bango

Abu na uku shi ne ƙofa ko taga da aka toshe, irin wadda Clapperton ya gani. Ƙofar da aka liƙe ba ta ɓacewa sarai. Ƙasar da aka cike ta da ita ɗanya ce a tsakanin busassun gefuna, in ta bushe sai ta tsuke, ta bar siririyar tsaga a dama da hagu da sama. Ko an yaɓe wurin, bayan damina biyu ko uku tsagar takan sāke fitowa, ta zana siffar ƙofar a kan sabon yaɓen. Da sassafe ko da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ke dukan bango a karkace, inuwa takan nuna ɗan lotsawar da ido ba ya gani da tsakar rana. Bayan an ɗauke ruwan sama kuma cikon da bangon ba sa bushewa lokaci ɗaya, sai a ga siffar ƙofa da danshi. A samanta sau da yawa akan tarar da kawunan azarar da ta tallafi bango, a ƙasa kuma dokin ƙofa da ƙafafu suka goge.

Toshewa ɗaya tana ba da zamani biyu, watau lokacin da ake wucewa da lokacin da aka daina. Amma akwai tambaya ta uku da ya kamata a yi: ita ƙofar, tare da bangon aka yi ta, ko daga baya aka huda? Ƙofar asali gefenta a gyare yake, sahun tubali ya zo ya tsaya cif a bakinta, azarar samanta kuma ta shige cikin bango sosai, ƙasar da ke riƙe da ita irin ta bangon ce. Ƙofar da aka huda kuwa gatari ya ratsa tubali ya raba shi biyu, an cusa azara ko katako a rami, an liƙe da wata ƙasa dabam. A Kano, Sabuwar Ƙofa da aka buɗe cikin 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da Ƙofar Famfo, duka hudawa aka yi cikin ganuwar da ta daɗe a tsaye. Su takarda ta san da su. Amfanin ƙa'idar shi ne ta nuna irinsu na zamanin da ba a rubuta ba.

Misali Da Zaure Guda

Ganuwa ta yi girma ga mai koyo, saboda haka ga misali da ƙaramin gini, irin wanda za a iya samu a Beri ta ƙasar Kontagora ko kowane tsohon gari. A ce ga wani zaure mai kusurwa huɗu, kowane gefe ƙafa 12, kaurin bangonsa a gindi ƙafa 2, na jan tubali. Mai gidan yana so ya huda ƙofa a bangon gabas ya fitar da shago, ga shi kuma bangon ya tsage. Aka kira mai bincike, ya zagaya, ya rubuta abu huɗu, ya ba kowanne lamba, bai yanke hukunci a kan ko ɗaya ba tukuna.

Na 1, a bangon gabas akwai siffar ƙofa, faɗinta ƙafa 2 da rabi, tsawonta ƙafa 5, gefunanta a gyare, kawunan azara a samanta, an cike ta da ƙasa mai ruwan toka. Na 2, daga waje bangon wata shigifa ya zo ya dafa bangon gabas ɗin, har ya rufe rabin siffar ƙofar, a cikin tsagar mahaɗar kuma ana hango makuba ta zarce. Na 3, a tsawon ƙafa 8 akwai layi mai tudu da kwari, da ramin indararo da aka toshe, a bisansa an ɗora ƙafa 2 na wata ƙasa mai ɓaraguzan kwalba, ɗorin kuma ya zarce har kan bangon shigifar ba yankewa. Na 4, ƙofar da ake shiga cikin gida da ita yanzu tana bangon arewa, gefenta sararren tubali ne, da katako da ƙusa da siminti.

To, ga yadda ake jera su. Zauren da ƙofar gabas tare aka yi su, tun da gefunanta a gyare suke. Daga baya aka toshe ta. Makubar da ke bayan shigifa ta rufe bango da ciko gaba ɗaya, saboda haka an yi ta bayan toshewa, kafin shigifa. In makubar ta nuna alamar dukan ruwa, to, an ɗauki wasu shekaru bangon yana fili. Sa'an nan shigifa ta zo ta jingina. Ɗorin sama kuwa, da yake ya hau kan zaure da shigifa duka, ya zo bayansu duka, ramin indararon da aka toshe kuma yana nuna inda tsohon rufi ya tsaya. Zamani biyar ke nan a ɗaki ɗaya, ba a tambayi kowa ba.

Saura ƙofar arewa, a nan ne kuma ake gane mai bincike na ƙwarai. Hankali yana raya cewa ranar da aka toshe ta gabas aka huda ta arewa, domin dole mutanen gida su sami hanya. Amma bango bai faɗi haka ba. Ƙofar arewa ba ta taɓa cikon gabas ba, ba ta taɓa shigifa ba, ba ta kai ga ɗorin sama ba. Abin da kawai ya tabbata shi ne ta zo bayan bangon da ta ratsa. Simintin da ke gefenta sabo ne, amma mai yiwuwa ne faɗaɗa wata tsohuwar ƙofa aka yi, faɗaɗawar ta cinye shaidar. Sai a rubuta ta a gefe guda, a ce matsayinta bai tabbata ba. Irin wannan tsari na bai wa kowane aiki lamba, a ja layi tsakanin waɗanda suka taɓa juna kaɗai, wani masani mai suna Edward Harris ne ya daidaita shi cikin 1973, yana aikin tono a garin Winchester na Ingila, yau kuwa da shi ake aiki a ƙasashe da yawa, a ƙarƙashin ƙasa da jikin gini.

Me mai gida ya ƙaru da shi? Da farko ya san tsagar da ke tsaye a mahaɗar shigifa tsohuwar rabuwa ce, ba lalle ne ta zama alamar faɗuwa ba. Abin tsoro shi ne tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar tsohuwar ƙofa ta ratsa tubali ta yi sama. Dalili kuwa, cikon da ya tsuke ba ya ɗaukar kaya, azarar nan ce har yanzu ke riƙe da bangon da ke bisanta, ga shi an ƙara mata nauyin ƙafa 2 da ba a yi ta dominsa ba. In gara ta ci ta, ko kanta ya ruɓe da danshi, wurin zai sauka. Ana gwada ta da tsinin wuƙa: lafiyayyar azara ba ta karɓar wuƙa, ciyayya kuwa sai ta burme. Ana kuma manna ɗan yaɓe siriri a kan tsagar a rubuta kwanan wata, in ya tsage cikin 'yan makonni, bango yana motsi, sai a fitar da mutane a tokare. Huda sabuwar ƙofa dab da tsohuwar, alhali ba a san da ita ba, zai bar siririn ginshiƙi tsakanin rami biyu, shi ne kuwa yadda ɗaki ke faɗa wa mutane.

Inda Bango Ke Ruɗin Mutum

Duk abin da aka faɗa jeri yake bayarwa, ba shekara ba. Shekara sai an sami wani abu a cikin ƙasar ginin da aka san lokacin zuwansa. Alal misali taba daga Amirka ta fito, ba ta iso ƙasashen nan ba sai wajen shekarar 1600. Saboda haka in aka sami gutsuren lofe a tsakiyar tubali, wannan tubalin ba na zamanin Rumfa ba ne, sai dai na Nazaki ko bayansa. Amma abin da aka samu iyakar farko kaɗai yake nunawa, domin tsohon kasko yana iya shiga sabon kwaɓi, sabon abu ne ba ya iya shiga tsohon tubali. Ko wannan ma sai an tabbata ba ramin ɓera ko gyaran baya ne ya kai shi ciki ba. Ciyawar kwaɓi da gawayi ana iya auna shekarunsu a ɗakin bincike, sai dai awon yakan zo da ragi ko ƙari na shekaru masu dama.

Azara ita ma tana ruɗi. Itacen giginya yana daɗewa, ga tsada, saboda haka in ɗaki ya faɗi akan tsince azararsa a sa a sabo. Tsufan azara ba tsufan ɗaki ba ne. Babbar wahalar ginin ƙasa kuma ita ce da jikinsa ake gyara shi. Abin da damina ta zubo a gindin ganuwa shi ake kwaɓawa a mayar sama, sai launi ya zo ɗaya, layin ya ɓuya. Ganuwar da rahoton Lugga ya ce tsawonta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma wajen ƙafa 40, ba hannun Gijimasu kaɗai ba ne, tarin gyaran sarakuna da yawa ne, ɗaya a kan ɗaya. Fatar waje tana iya zama ta jiya, cikin kuwa na ɗaruruwan shekaru. Don haka inda hanya ta ratsa ganuwa, ko ruwa ya yanke ta, nan ne wurin karatu mafi kyau, domin a nan ake ganin cikinta daga fuska zuwa fuska.

Abin Da Ke Salwanta

An sa ganuwar Kano cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta tsare tun 1959, cikin 2007 kuma Nijeriya ta sa ta cikin jerin wuraren da take nema wa shiga kayan tarihin duniya. Duk da haka masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine sun cinye mafi yawanta. Cikin 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, daga baya aka gina wata a madadinta. Sunan yana nan, masu wucewa suna wucewa, amma mahaɗar tsohuwar ƙofar da ganuwar da ke gefenta, wadda za ta iya faɗin ko tare aka yi su ko ɗaya ta riga ɗaya, ta tafi, ba kuwa maginin da zai iya mayar da ita. Sabon gini yana iya kwaikwayon siffa, ba ya iya kwaikwayon jeri.

Ba tarihi kaɗai ke cikin haɗari ba. Ran 11 ga Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina cikin shekarun 1830, aka kuma kewaye shi da sabon gini cikin shekarun 1970, ya rufta wa masallata, aka yi hasarar rayuka. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin abin ya auku. Duk ginin da zamani biyu suka haɗu a jikinsa, ƙasa da siminti, tsoho da sabo, yana bukatar wanda ya san inda suka haɗu, domin siminti a kan ƙasa yakan ɓoye tsaga, ya kuma tsare danshi a ciki.

Abin da ake bukata kafin a rushe ko a yaɓe tsohon bango bai fi ƙarfin kowa ba: awo, da takarda, da hoto, da yini ɗaya. A ɗauki hoton kowace fuska da sandar awo a jingine, da safe da kuma la'asar. A zana kowane layi da kowace tsaga, a ba su lamba, a rubuta wanda ya hau kan wani da wanda ya jingina da wani. Sa'an nan a nemi tsofaffin magina da dattawan unguwa a ji nasu, a rubuta shi a shafi dabam, kada a gauraya abin da aka ji da abin da aka gani. In biyun suka dace, an sami shaida biyu. In suka saɓa, an sami tambayar da ta cancanci bincike. Ita dai ƙofar da Clapperton ya tarar a toshe cikin 1824, in har gefen ganuwar da take bai riga ya koma tubalin wani ba, tana nan da tsagarta a dama da hagu, tana jiran mai dubawa.